Rahoton zinare da ɗanyen mai na kullum: yadda kwamfuta ke yin lissafi daidai ta ba da labari ba daidai ba

Wata safiya a farkon watan Afrilu, ɗan rahoton da kwamfutata ke turo mini kullum ya iso da jimlar da ke cewa ɗanyen mai samfurin Brent ya sauka. Na leƙa labaran kasuwa, sai na tarar kowa na cewa ya ɗan tashi. Na koma na duba lissafin, babu kuskure ko ɗaya: an ɗebe farashin shekaranjiya daga na jiya, an raba, an fitar da kashi cikin ɗari. Ashe lambobin biyu da aka gwada ba na abu ɗaya ba ne. Daga ranar na gane cewa janyo farashi da tsara jimla su ne ɓangaren aikin mai sauƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne tabbatar da cewa abin da ka auna yau shi ne dai wanda ka auna jiya.

Tambayar farko ita ce: wane farashi? Idan aka ce "farashin zinare" ana iya nufin abu uku. Akwai farashin nan take, wanda ke motsi dare da rana a kwanakin aiki, a allo ana rubuta shi `XAU/USD`. Akwai farashin LBMA, ƙungiyar masu cinikin zinare ta Landan, da ake tsayarwa ta hanyar gwanjo a Landan sau biyu a rana, ƙarfe 10:30 na safe da 3:00 na yamma agogon can. Sannan akwai kwantiragin gaba na kasuwar COMEX a New York, inda kowane kwantiragi ke ɗauke da oza 100 da za a miƙa a wani wata mai zuwa. Ukun suna tafiya kusa da juna, amma ba sa zama lamba ɗaya, kuma tazarar daloli kaɗan ta isa ta juya "ya tashi" zuwa "ya sauka" a ranar da kasuwa ta yi lamo. Duk wanda ka zaɓa, ka riƙe shi, ka kuma rubuta sunansa a cikin rahoton. Mai son farashin LBMA ya sani cewa amfani da shi don kasuwanci na buƙatar lasisi, shi ya sa masu ƙaramin aiki irin wannan suka fi karkata ga sauran biyun.

Ma'aunin ma yana da tarko. Ozar zinare ba ita ce ozar da ake auna sauran kaya da ita ba. Ta zinare giram 31.1035 ce, ɗayar kuwa giram 28.35. Mu ƙaddara oza tana dala 2,350. Idan ka raba da 31.1035, giram ɗaya ya kama dala 75.55. Idan ka yi kuskure ka raba da 28.35, zai fito dala 82.89, ƙarin kusan kashi 10 cikin ɗari ke nan da babu shi a kasuwa. Irin wannan kuskure kan daɗe ba a gano shi ba, domin kullum da shi ake lissafi, hawa da saukar suna fita daidai, lambar ce kawai ta kumbura.

Ɗanyen mai kuwa da ganga ake sayar da shi, ganga ɗaya kusan lita 159. Ma'aunai biyu duniya ta fi kallo. Brent, wanda ya samo asali daga rijiyoyin Tekun Arewa, ana cinikin kwantiraginsa a kasuwar ICE a Landan. WTI kuma na Amurka ne, ana cinikinsa a NYMEX, ana miƙa man a garin Cushing na jihar Oklahoma. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, lambar da ake ji a labarai kusan kullum ba farashin gangar da ke gabanka ba ce, farashin kwantiragin wata mafi kusa ne. Kwantiragi kuma yana da ranar ƙarewa. A nan ne rahotona ya yi tuntuɓe.

Kwantiragin Brent na watan Mayu yana ƙarewa a ranar aiki ta ƙarshe ta watan Maris. Washegari, abin da ake kira "farashin Brent" ya koma na watan Yuni. Bari in kawo misali da lambobin da na ƙaddara don sauƙin fahimta. A ranar ƙarshe ta Maris, kwantiragin Mayu ya rufe a dala 82.40, na Yuni ya rufe a 81.60. A ranar farko ta Afrilu, na Yuni ya rufe a 81.90. Kafar da ke ba ka jerin farashi guda ɗaya mai ɗorewa za ta nuna maka 82.40 sannan 81.90, kwamfuta ta lissafa ta ce an sauka da santi 50, kashi 0.6 cikin ɗari. Alhali wanda ke riƙe da kwantiragin Yuni ya ga ƙarin santi 30, kusan kashi 0.4. Babu wanda ya yi asarar santi 50 a ranar. Tazarar da ke tsakanin watanni biyu ce ta shigo cikin lissafi ta yi shigar labari.

Wannan na faruwa kowane wata, kuma ba rana ɗaya ga ma'aunan biyu ba. WTI yana ƙarewa ne kwanakin aiki uku kafin ranar 25 ga watan da ya gabaci watan miƙawa, wato yawanci wajen 20 ga wata. Zinare ma bai tsira ba: a COMEX ciniki ya fi taruwa a watanni irin su Fabrairu, Afrilu, Yuni, Agusta da Disamba, kuma kwantiragin nesa yakan fi na kusa tsada saboda kuɗin ruwa da na ajiya, don haka ranar da jerin ya tsallaka za ka iya ganin hawan da bai faru ba.

Maganin ba shi da wahala, sai dai yana son a tanade shi tun daga farko. Kada ka ajiye farashi shi kaɗai. Kowane layi a fayil ɗinka ya ɗauki rana, kaya, watan kwantiragi da farashi. Kuma kullum ka ajiye wata biyu, na kusa da mai bi masa:

```
rana,kaya,wata,farashi
03-31,BRENT,K,82.40
03-31,BRENT,M,81.60
04-01,BRENT,M,81.90
04-01,BRENT,N,81.15
```

Haruffan nan ba ni na ƙirƙira su ba, su ne alamomin watanni da kasuwannin ke amfani da su: `K` Mayu, `M` Yuni, `N` Yuli, har zuwa `Z` Disamba. Da wannan tsari, dokar lissafi ta zama ɗaya tak: nemo layin jiya mai harafi irin na yau. Idan babu shi, kada a fitar da kashi, a rubuta cewa an sauya kwantiragi. Ni na fi son rahoton ya faɗi haka ko da lissafin ya yiwu, domin mai karatu da ya riƙe 82.40 a kansa zai yi mamakin ganin 81.90 tare da kalmar "tashi", kuma yana da haƙƙin a yi masa bayani a jimla guda.

Game da inda ake samo lambobin, masu rubutu da Python da yawa suna farawa da `yfinance`, wanda ke janyo bayanai daga Yahoo Finance, inda `GC=F` ke nufin zinare, `CL=F` WTI, `BZ=F` kuma Brent:

```python
import yfinance as yf
t = yf.Ticker("CL=F").history(period="1mo")
print(t["Close"].tail(3))
```

Waɗannan alamomi masu `=F` su ne ainihin jerin mai ɗorewa da ke tsallakawa daga wata zuwa wata, saboda haka dokar da na ambata ta hau kansu. Hukumar bayanan makamashi ta Amurka, EIA, tana wallafa farashin nan take na Brent da WTI na kowace rana kyauta, ana kuma samunsu a rumbun FRED da sunayen `DCOILBRENTEU` da `DCOILWTICO`. Ba sa fitowa a ranar da aka yi cinikin, sukan yi jinkirin kwanaki, don haka ba su dace da rahoton safe ba. Amfaninsu a wajena shi ne dubawa: lokaci zuwa lokaci in ɗora jerina a kan nasu in ga ko suna tafiya hanya ɗaya. Ba na tsammanin lambobin su zo iri ɗaya, tunda ɗaya na nan take ne ɗaya na kwantiragi, amma ranar da suka raba hanya na san akwai abin dubawa.

Sai maganar lokaci, wadda ta fi yadda ake zato rikitarwa. Waɗannan kasuwanni kusan ba sa barci a kwanakin aiki, saboda haka "farashin yau" ba shi da ma'ana sai ka faɗi ƙarfe nawa. Kasuwar kanta tana tsayar da farashin rufewa na hukuma: WTI da ƙarfe 2:30 na rana agogon New York, Brent da 7:30 na yamma agogon Landan, zinaren COMEX da 1:30 na rana a New York. Bayan nan ciniki na ci gaba, shi ya sa lambar ƙarshe da wata kafa ta nuna ba lallai ta yi daidai da wadda jaridu suka buga ba. Ga kuma sauyin agogon bazara: Amurka tana tura agogonta gaba a Lahadi ta biyu ta Maris, Birtaniya sai Lahadin ƙarshe ta watan, don haka akwai makonnin da tazarar New York da Landan ke komawa awa huɗu maimakon biyar. Wanda ya saita aikinsa ya tashi dab da rufewar kasuwa zai riƙa kama lambar da ba ta kammala ba sau da yawa a shekara.

Hanyar da na ga ta fi kwanciyar hankali ita ce a bar dare ya raba gardama. A saita agogon kwamfutar a UTC, agogon duniya da ba ya sauyawa da bazara, aikin ya tashi da safe, ya ba da rahoton ranar da ta riga ta kammala:

```
0 6 * * 2-6 python3 rahoto.py
```

Wannan layin `cron` ne, manhajar da ke tayar da aiki a lokacin da aka saita, yana cewa ƙarfe 6:00 daga Talata zuwa Asabar. Talata na ba da labarin Litinin, Asabar na ba da na Juma'a. Amma a kula: da ƙarfe shida na safiyar Talata an riga an buɗe sabon ciniki, kuma kafar za ta iya ba ka layi mai ɗauke da kwanan watan yau wanda bai kammala ba. A jefar da shi, a yi aiki da biyun da suka gabace shi.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro ba wanda ke sa shirin kwamfutar ya tsaya ba ne. Idan shiri ya tsaya, rahoto bai zo ba, nan take ka sani. Mai haɗarin shi ne wanda komai ke tafiya sumul alhali lambar ta kwana. Ya taɓa faruwa da ni: wata kafa da nake amfani da ita a lokacin ta daina sabunta bayananta, amma ta ci gaba da amsawa da tsohuwar lamba. Kwana uku a jere rahoton na cewa zinare bai motsa ba, sauyi 0.00, ni kuma ina karantawa ina wucewa. Sai da wani abokin aiki ya tambaye ni, "Malam, wai zinaren nan hutu ya tafi?" sannan na buɗe fayil ɗin na ga layi uku masu lamba ɗaya har santi. Kasuwa mai rai da wuya ta rufe kwana biyu a kan lamba ɗaya tak, balle uku.

Tun daga lokacin, kafin a rubuta jimla ko ɗaya, shirin na yin tambayoyi. Kwanan watan layin ƙarshe shi ne ranar aikin da ta gabata? Idan ba shi ba ne, ko dai hutu ne ko bayanin ya tsufa, kuma bambance su na buƙatar ɗan jerin ranakun hutu da kake sabuntawa sau ɗaya a shekara. Hutun ma ba ɗaya ba ne: ranar Alhamis ta huɗu ta Nuwamba, da Amurka ke bikin godiya, babu farashin rufewa na WTI, amma Brent na ciniki a Landan. A irin wannan rana rahoton ya ce WTI na hutu, kada ya ce bai motsa ba, domin maganganun biyu ba ɗaya ba ne. Tambaya ta gaba, lambar daidai take da ta jiya har santi? A yi zargi. Sannan Brent da WTI, da yake ɗan juma ne da ɗan jummai, galibi tare suke hawa tare suke sauka. Idan ɗaya ya tashi da kashi ɗaya ɗayan ya sauka da kashi ɗaya, yana iya zama gaskiya, amma ya fi yiwuwa ɗaya ya tsallaka wata. A sa alama, mutum ya duba.

Akwai jarabar cewa duk lambar da ta yi kama da shirme a share ta. Ranar 20 ga Afrilu 2020 ta nuna haɗarin hakan. A ranar, ana tsakiyar kullen korona, wuraren ajiyar mai a Cushing na neman cika, kwantiragin WTI na Mayu yana dab da ƙarewa, masu riƙe da shi kuma ba su da inda za su zuba man. Ya rufe a dala 37.63 ƙasa da sifiri, daga 18.27 a ranar cinikin da ta gabata. Shirin da aka gaya wa cewa farashi ba ya sauka ƙasa da sifiri zai jefar da babban labarin shekarar a matsayin kuskure. Wanda ya karɓi lambar kuma zai gamu da wata matsalar washegari, lokacin da kwantiragin ya rufe a dala 10.01. Ƙarin dala 47.64 ne, amma idan aka raba da lambar jiya mai alamar ragi, sakamakon zai ce an faɗi da kusan kashi 127 cikin ɗari. A ranar da na Mayu ya nutse, na Yuni na sama da dala 20, wanda ya ajiye wata biyu shi ne ya ga cikakken hoton. Darasin da na ɗauka zuwa cikin shirin ƙarami ne:

```python
def sauyi(yau, jiya):
    dala = yau - jiya
    kashi = dala / jiya * 100 if jiya > 0 else None
    return dala, kashi
```

Idan lambar jiya ba ta haura sifiri ba, a faɗi sauyin da dala kawai. Baƙuwar lamba kuma ba a share ta, ana tura ta da gargaɗi a samanta.

Yanzu rubutun kansa. Rahoton da nake so bai wuce layi biyar ko shida ba, kuma ba ya buƙatar komai face jimloli masu gurbi da ake cikewa. Abin da ke son tunani shi ne zaɓen kalma. Yaushe za a ce "ya tashi", yaushe "ya tashi sosai"? Idan ka kafa iyaka ɗaya ga kowa, misali kashi ɗaya, za ka yi ta ihu a kan mai kana yin shiru a kan zinare, domin a al'ada mai ya fi zinare tsalle. Gara a auna kowane kaya da halinsa: a ɗauki matsakaicin girman motsinsa na kwanaki 20 da suka wuce, ba tare da kula da hawa ne ko sauka ba, a gwada na yau da shi.

```python
def kalma(kashi, saba):
    if abs(kashi) < 0.3 * saba:
        return "kusan bai motsa ba"
    k = "ya tashi" if kashi > 0 else "ya sauka"
    return k + (" sosai" if abs(kashi) > 2 * saba else "")
```

Lambobin 0.3 da 2 zaɓina ne, kowa na iya gyarawa bayan ya ga yadda suke fita. Mu ƙaddara motsin da zinare ya saba kashi 0.7 ne, na mai 1.5. Hawan kashi 1.6 ga zinare ya wuce ninki biyu, ya cancanci "sosai". Irinsa ga mai rana ce kamar kowace. Shi kuwa kashi 0.4 na Brent a misalinmu bai kai 0.45 ba, saboda haka kusan bai motsa ba. Da lambobin misalin, rahoton zai fito kamar haka:

"Farashin rufewa na 1 ga Afrilu. Zinare, kwantiragin COMEX na Yuni: dala 2,388 kowace oza, ya tashi sosai, ƙarin dala 38 (kashi 1.6). Brent na Yuni: dala 81.90 kowace ganga, kusan bai motsa ba, ƙarin santi 30. An sauya daga kwantiragin Mayu, an gwada Yuni da Yuni. WTI na Mayu: dala 78.35, ya tashi, ƙarin santi 55 (kashi 0.7)."

Za a lura babu kalmar "saboda" a ciki, kuma da gangan ne. Mai karatu yana son dalili, ni ma ina so, amma jerin lambobi bai san dalili ba. Yana da sauƙi a saka dokar da ke cewa idan zinare ya tashi dala ta faɗi, a rubuta "saboda raunin dala". Sau da yawa haka suke tafiya, tunda da dala ake sayen zinare. Amma akwai ranakun fargaba da su biyun ke tashi tare, akwai kuma ranar da za su bi tsohuwar al'adar alhali wani abu daban ne ya motsa kasuwa. Jimlar da ke fitowa kullum da tabbaci iri ɗaya, ko ta dace ko ba ta dace ba, tana koya wa mai karatu abin da ba haka yake ba, kuma tunda babu wanda ya sa hannu a kanta, babu mai gyarawa.

Abin da shirin zai iya faɗa da gaskiya shi ne abin da ke kan kalanda. EIA tana fitar da rahoton man da ke ajiye a Amurka kowace Laraba da 10:30 na safe agogon gabashin ƙasar, sai in hutu ya tura shi gaba. Kwamitin kuɗin ruwa na babban bankin Amurka na zama sau takwas a shekara, ana kuma sanar da ranakun tun da wuri. Ƙungiyar OPEC da ƙawayenta ma suna sanar da ranakun taronsu. Sai a ajiye waɗannan a fayil na biyu, rahoton ya ƙara layi ɗaya a ƙasa: "Jiya EIA ta fitar da rahotonta na mako." Ya tsaya a nan. Mai karatu ya haɗa da kansa, ko kuma ranar da kalmar "sosai" ta fito, mutum ya zauna ya karanta abin da ya faru ya ƙara jimlarsa da hannu.

Kafin ka amince da shirin ya riƙa tura wa wasu, gwada shi da ranakun da ka san suna da wuya. Ba shi bayanan 20 da 21 ga Afrilu 2020 ka ga abin da zai rubuta. Ba shi ranar farko bayan ƙarewar kwantiragi, da washegarin hutun da ya shafi kasuwa ɗaya kawai, da fayil ɗin da ka kwafi layin ƙarshe sau biyu da gangan. Sannan ka cire masa intanet. A wannan hali ma ina son saƙo ya iso da ƙarfe shida, mai layi ɗaya: "Ba a samu sabon farashi ba, na ƙarshe da ke hannu na ranar kaza ne."